Infois ya zo da kuɗin da ba ku yarda da shi ba: yaya za a rubuta wa mai kaya?

Duk wanda ya taɓa riƙe ma'aji ko sakatare a ƙungiyar sashe ya san wannan rigimar. An kawo kaya, an turo infois, wato takardar da mai kaya ke rubuta abin da yake bin ku, sai ka ga kuɗin ya wuce abin da kuka yi magana. Nan take a ɗauki waya a fara jera saƙonni a WhatsApp. Matsalar ita ce irin waɗannan saƙonnin suna nuna ranka ya ɓaci, amma ba sa nuna wa mai kaya inda kuskuren yake. Darasinmu na wannan fitowar shi ne yadda za a mayar da su takarda guda ɗaya mai ladabi, wadda kuma ba ta da sassauci.

Bari mu ɗauki misali. A ce ƙungiyar wani sashe ta ba wani mai buga riguna aikin riga 120 na makon ɗalibai. Infois ya iso da jimillar naira 645,000, sai ma'aji ya tura waɗannan:

"Salam Alhaji. Gaskiya wannan kuɗin da kuka rubuto ya yi yawa fa, ba haka muka yi da ku ba."

"Kuma kayan ma ba su cika ba."

"To kuɗin da muka ba ku tun farko fa? Kun manta ne ko kuwa?"

"Kullum haka kuke yi wa ɗalibai. In ba a gyara ba wallahi ko sisi ba za mu biya ba."

Ka sa kanka a matsayin akawun shagon, wanda ke da kwastoma da yawa. Wane infois ake magana? Ya yi yawa da nawa? Kaya nawa ne ba su zo ba? Nawa aka bayar tun farko, kuma yaushe? Babu amsar ko ɗaya. Abin da ya fito fili kawai shi ne zargi da barazana, kuma su za a mayar wa martani. Ma'aji yana da gaskiya, amma ya ba Alhaji damar ya bar maganar kuɗi ya koma maganar rashin kunya.

Kafin ka rubuta, tara takardu

Takardu huɗu ake ajiyewa a gefen infois. Akwai kwoteshan, wato takardar farashin da mai kaya ya bayar kafin a fara aiki. Akwai odar da kuka bayar, ko da saƙon waya ce. Akwai webil, takardar da aka sa wa hannu ranar da aka karɓi kaya. Sai kuma rasit ko shaidar tura kuɗi ta banki. Aikinka shi ne ka bi infois layi-layi, kana tambaya: wace takarda ce ta goyi bayan wannan adadin?

A misalinmu, da aka yi haka sai "ya yi yawa" ya rabu gida uku. Kwoteshan na 3 ga Maris ya ce kowace riga naira 4,500, amma infois ya sa 5,000. Webil na 18 ga Maris ya nuna riga 110 aka karɓa, amma infois ya ƙirga 120. Sannan kafin alƙalami na naira 200,000 da aka tura ranar 5 ga Maris ba a cire shi ba.

Yanzu sai lissafi. Mai kaya ya yi 120 sau 5,000, ya samu 600,000, ya ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wato 45,000, shi ne ya ba shi 645,000. Naku lissafin kuwa 110 sau 4,500 ne, wato 495,000. Harajinsa 37,125, jimilla 532,125. A cire 200,000, saura naira 332,125. Lura da cewa harajin ma ya sauka, domin a kan kuɗin kaya ake lissafa shi. Nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe: su gyara farashi da adadi, su bar tsohon haraji yadda yake, su biya rarar 7,875 ba su sani ba.

Akwai wani bincike kuma da ya kamata a yi a cikin gida. Tambayi shugaban ƙungiya ko ya amince da ƙarin farashi da baki lokacin da yadi ya tashi. Tambayi wanda ya karɓo kaya ko wani ya je shago ya amshi riga goman daga baya. Duba kwoteshan ko an rubuta cewa farashin na kwana kaza ne kawai, ko kuma an riga an haɗa haraji a cikinsa. Idan ka aika takarda mai ƙarfi sannan aka nuna maka saƙon shugabanku yana cewa "ba damuwa", sauran ƙorafinka ma sun yi rauni.

Takardar da aka gyara

Ga yadda saƙonni huɗun nan za su koma:

"Batu: Neman gyara a infois mai lamba 0417 na 20 ga Maris

Assalamu alaikum Alhaji, da fatan ana lafiya, ya kasuwa?

Mun karɓi infois mai lamba 0417 na naira 645,000 kan rigunan makon ɗalibai. Da muka gwada shi da takardun da ke hannunmu, mun ga wurare uku da ba su dace ba.

Na ɗaya, farashi. Infois ya sa naira 5,000 kowace riga, kwoteshan ɗinku na 3 ga Maris kuma ya ce 4,500.

Na biyu, adadi. Infois ya ƙirga riga 120, webil na 18 ga Maris da wakilinku ya sa wa hannu kuma ya nuna 110.

Na uku, kafin alƙalami. Mun tura naira 200,000 asusunku ranar 5 ga Maris, ba mu ga an cire shi ba.

A lissafinmu, riga 110 a kan 4,500 ya kama 495,000. Da haraji 37,125 ya zama 532,125. Bayan cire 200,000, abin da kuke bin mu shi ne naira 332,125.

Muna roƙon a duba, a turo mana sabon infois da aka gyara kafin 29 ga Maris. Da zarar ya iso za mu biya cikin kwana biyu. Idan akwai wata takarda a wajenku da ta nuna saɓanin haka, a turo mana mu duba. Mun haɗa hoton kwoteshan, webil da shaidar banki.

Mun gode. Ma'aji, a madadin ƙungiya."

Me ya canza?

Abu na farko, kowace magana ta samu takardar da ta tsaya mata. "Kayan ba su cika ba" ra'ayi ne da za a iya musantawa. "Webil ya nuna 110" kuwa abu ne da Alhaji zai buɗe fayil ya gani da idonsa. Shi ya sa kowane saɓani aka rubuta shi da siga ɗaya: infois ya ce kaza, takarda kaza ta ranar kaza ta ce kaza. An kuma raba su ɗaya bayan ɗaya, saboda mai yiwuwa ya yarda da biyu ya yi gardama a kan ɗaya. Idan ka cuɗe su wuri guda, gardamar ɗaya za ta riƙe sauran.

Abu na biyu, an cire duk maganar da ta shafi niyyar mutum. "Kun manta ne ko kuwa?" ta koma "ba mu ga an cire shi ba". Ba ka san ko ganganci ne ko kuskuren yaron shago ba, kuma ba ka buƙatar sani kafin a gyara. Wannan sigar tana ba dattijo hanyar gyarawa ba tare da ya ji kunya ba. "Kullum haka kuke yi" kuwa an jefar da ita gaba ɗaya, don ba ka da takardar da za ta tabbatar da "kullum".

Abu na uku, a nan ƙarfin takardar yake: an faɗi adadin da aka yarda ana bin ku, an faɗi abin da ake so a yi, an sa rana. "Ko sisi ba za mu biya ba" tana kama da ƙarfi, amma rauni ce, domin kun karɓi riga 110 kuma dole ku biya su. Wanda ya ƙi biyan komai ya mayar da kansa mai taurin bashi. Wanda ya ce "ga 332,125 a shirye" ya bar wa mai kaya zaɓi mai sauƙi: ya gyara takarda ya karɓi kuɗinsa.

A kula da ɗaya gefen kuma. Ladabi ba ya nufin a yi ta ban haƙuri. Jimloli irin su "don Allah a yi haƙuri, wataƙila mu ne ba mu gane ba" ko "in da hali a ɗan rage mana" suna mayar da gyaran kuskure ya zama roƙon ragi, ragi kuwa alfarma ce da za a iya hana ka. Gaisuwa layi ɗaya da godiya layi ɗaya sun wadatar. Gwajin da za ka yi wa takardarka shi ne ka miƙa wa abokin da bai san zancen ba. Idan ya iya gaya maka lambar infois, saɓanin guda nawa ne, nawa kuka yarda za ku biya, da ranar da kuke jiran amsa, to ta yi.

Bayan an aika

Kada ka ɗauki biro ka soke adadin da ke kan infois ka rubuta naka. Mai kaya ne ke gyara takardarsa, ko dai ya soke ta ya fitar da sabuwa, ko ya ba da takardar ragi mai ɗauke da lambar infois na farko. In ba haka ba, littafinsa zai ci gaba da nuna ana bin ƙungiya 645,000, kuma shugabannin da za su gaje ku su za a tare da bashin.

Idan Alhaji ya kira waya aka daidaita da baki, kamar yadda aka saba, to bayan an ajiye waya ka tura gajeren saƙo: "Kamar yadda muka yi magana yau, kun amince da riga 110 da cire 200,000, saura maganar farashi." Idan kuma 29 ga Maris ta wuce shiru, sake tura takardar nan dai, ka ƙara layi ɗaya cewa ba ku samu amsa ba kuma biyan yana jiran gyaran. Kada ka ƙara zafi, kada ka kawo sabon ƙorafi.

Masu shirin tafiya horon sanin makamar aiki za su tarar yawancin ofisoshi da Turanci ake irin wannan takardar, amma jerin bai canzawa: lambar infois, saɓani tare da shaidarsa, naka lissafin, abin da kake so, da rana. Don gwaji, sake lissafa misalin nan a kan cewa shugaban ƙungiya ya riga ya amince da 5,000 a rubuce. Saɓanin ya koma biyu, kuma in ka yi daidai za ka samu saura naira 391,250.