Kafin ka ce adaftarka jabu ce, duba soket ɗin da ka jona ta

Aikina haɗa intanet ne a gidaje da ofisoshi, kuma cikin kayan da aka fi kirana a kansu da fushi akwai adaftar nan da ke tura intanet ta cikin wayar wutar lantarki, wadda za ka ga an rubuta Powerline a jikin kwalinta. Guda biyu ake sayarwa tare. Ɗaya ana jona ta a soket kusa da rauta, a haɗa su da gajeren kebul, ɗayar kuma a kai ta ɗakin da waifai ba ya isa. A gidajenmu na bulo da dakin, musamman bene, dabara ce mai jan hankali, tunda ba fasa bango ba jan waya. Sai dai mutum ya ga an rubuta AV1200 a kwali, ya jona, ya tarar bidiyo na tsayawa yana juyi, nan take ya yanke hukunci cewa ɗan kasuwa ya cuce shi. Yawancin waɗanda na duba lafiyarsu ƙalau. Hanyar da aka tilasta musu bi ce ba ta da kyau.

Wayar gida an yi ta ne don ɗaukar wuta mai bol 230 da ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Adafta tana ɗora ɗan siririn saƙonta ne a kan wannan wutar, a zangon da ya fi haka nisa ƙwarai. Tsarin HomePlug AV na 2005 yana aiki tsakanin megahaz 2 zuwa 30, shi kuwa AV2 na 2012 ya faɗaɗa har zuwa 86. Wannan zango ana yanka shi ƙanana-ƙanana sama da dubu, adaftocin biyu su riƙa auna kowane yanki: inda ya yi tsit su loda masa bayanai da yawa, inda hayaniya ta cika su rage, ko su bar shi gaba ɗaya. Shi ya sa ba kasafai haɗin ke yankewa ɗungurungum ba, gudu ne kawai yake zubewa. Kamar hira ce a gefen injin markaɗe, kuna jin juna, amma kowace magana sai an maimaita.

Lambar da ke kan kwali kuwa ba alkawari ba ce. Ita ce iyakar abin da adaftocin za su iya yi tsakaninsu idan komai ya yi daidai, kafin a cire abin da gyaran kurakurai da tsarin aikawa ke cinyewa. Ko a kan waya mai kyau, idan ka samu kashi ɗaya cikin uku ka gode wa Allah. Akwai ma masu AV500 da AV600 da yawa waɗanda ramin kebul ɗinsu bai wuce 100 Mbps ba.

Ga wani aiki da na yi a wani gidan bene a Kaduna, wanda ya tara kusan duk matsalolin wuri guda. Rauta tana falon ƙasa, intanet ɗin gidan 50 Mbps ne, amma talabijin ɗin da ke falon sama da kyar take samun 5. Mai gidan ya tare ni da cewa, "Injiniya, ka kwashe min waɗannan tarkacen, ka kawo masu tsada." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama in gwada su tukuna, kada mu sayi sababbi su zo su tarar da ciwon yana nan."

Gwajin farko shi ne wanda kowa zai iya yi, kuma shi ne ke raba gardama. Na sauko da adaftar sama, na jona su biyun a bango cikin ɗaki ɗaya. Ba na auna su da shafukan gwajin gudu na intanet, domin waɗannan suna cakuɗa laifin kamfanin intanet da na wayar gida. Kwamfuta biyu nake sawa, ɗaya a bayan kowace adafta, da kebul, in kashe musu waifai. A ta farko:

```
iperf3 -s
```

A ta biyu, da adireshin ta farkon:

```
iperf3 -c 192.168.1.20 -t 30
iperf3 -c 192.168.1.20 -t 30 -R
```

Layi na biyun yana auna gudun ta ɗaya ɓangaren ne. Wannan yana da amfani, saboda hayaniya ta fi cutar da adaftar da ke karɓa. Idan gudu ya yi kyau zuwa ƙasa amma ya lalace zuwa sama, to mai hayaniyar yana kusa da adaftar sama. A ɗaki ɗaya sun ba ni kusan 280 Mbps. Ke nan adaftocin sun fita daga zargi. Wanda ba shi da kwamfuta biyu zai iya duba manhajar da ta zo da adaftar, tana nuna ƙarfin haɗin da ke tsakaninsu, wasu kuma fitilarsu kan koma ja idan haɗin ya yi rauni.

Da muka mayar da adaftar sama sai na lura da inda take zaune. An cusa ta ne a jikin estenshan mai kariya daga tashin wuta, tare da talabijin da dikoda. Niyyar mai kyau ce, kowa ya san yadda wuta ke ƙona kaya. Amma abin da ke cikin irin wannan estenshan aikinsa ke nan ya shanye duk wani abu mai saurin kai-komo da ya hau kan waya, kuma bai san bambancin datti da saƙon adafta ba. Haka sitabilaiza, haka UPS. A wurin na samu 9 Mbps. Da na mayar da ita soket ɗin bango kai tsaye sai ta hau 25.

Daga nan aka shiga farautar hayaniya, wadda ita ce ta fi cin lokaci. Matar gidan ta ba ni bayanin da ya fi kowane amfani, ta ce da rana abin da sauƙi-sauƙi, bayan magariba ne yake lalacewa. Gudun da ke canzawa da lokaci kusan kullum alamar hayaniya ce, domin tsawon waya ba ya ƙaruwa da dare. Bayan magariba ne ake kunna fitilu, kowa kuma ya soka cajarsa. Cajar waya da ƙwan LED da makamantansu suna yanka wuta ne sau dubbai a daƙiƙa don su rage ta, kuma masu kyau suna da matata a ciki da ke hana wannan dattin komawa cikin wayar gida. Masu arha an cire matatar don a rage kuɗi. Injin da ke da burushi a ciki, irin na bilenda da na'urar busar da gashi, shi ma yana fesa tasa hayaniyar muddin yana juyawa. Firij da famfon tura ruwa sun fi yin ta a lokacin tashi da tsayawa.

Yadda nake yi shi ne in bar gwajin yana tafiya, in riƙa zare kaya ɗaya bayan ɗaya ina kallon lambar. Kashe abu da rimot ba ya wadatarwa, sai an zare fulogin ko an kashe makunnin soket, don wutar cikinsa tana nan tana aiki. Talabijin ba ta canza komai ba. Dikoda ta ɗan motsa lambar. Da na zare cajar wata fanka mai caji da ke ɗaya ramin soket ɗin da adaftar take, sai lambar ta yi tsalle daga 25 zuwa 45. 'Yar caja ce marar suna, ba ta da nauyi ko kaɗan a hannu, ga zafi kamar an ciro ta daga wuta. Na kai ta can ƙarshen falon na jona, gudun ya sauka kaɗan kawai, saboda hayaniya ma tana raunana da nisa kamar yadda saƙo ke yi. Wannan ne dalilin da ya sa nake son adafta mai rami a gabanta. Ramin yana da matata, duk abin da ka jona ta nan dattinsa ba ya komawa kan layi sosai.

Saura hanyar da saƙon ke bi. Ba ya ratsa dakin ya hau sama kai tsaye. Sai ya bi waya ya koma akwatin rarraba wuta, ya ratsa bireka, sannan ya kama wata wayar zuwa sama, kuma kowane reshe da kowane mahaɗi yana rage masa ƙarfi. Gidan fes uku ne, na buɗe akwatin na ga soket ɗin rauta a kan fes ɗaya, na falon sama a kan wani. Tsakanin fes biyu babu haɗin kai tsaye, saƙon yana tsallakawa ne kawai ta inda wayoyin suka kwanta kusa da juna, ya isa a gajiye. Muna kashe bireka ɗaya bayan ɗaya muka gano wani soket a barandar sama da ke fes ɗaya da rauta. A can gwajin ya ba da 90. A gidan da wasu soket ke kan inbata wasu ba sa kai, irin wannan rabuwar ce, har ta fi muni, don saƙon sai ya bi ta cikin inbatar. A sa adaftocin biyu a ɓangare guda.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna, kuma bai tsaya kan intanet ba. Na kashe wuta na kwance soket ɗin barandar, sai ga sukurun wayar layif ya saki, jan ƙarfen ya yi baƙi, robar da ke kusa ta ƙandare tana farfashewa. Wayar at kuma, ta ukun nan mai launin kore da rawaya, an naɗe ta a bayan akwatin ba a taɓa ɗaura ta ba. Mahaɗin da ya saki yana tartsatsi ƙanana, tartsatsi kuwa hayaniya ce da ke cika zangon gaba ɗaya, kuma irinsa ne ke tayar da gobara. Rashin at ɗin ma yana da nasa tasirin. Adaftoci masu ƙafa uku irin AV1200 da AV2000 suna aika saƙo ta hanya biyu a lokaci guda, suna amfani da layif da nutural da at. Idan babu at sai su koma hanya ɗaya, ka biya kuɗin babba kana cin amfanin ƙarama. Aka kira mai wayarin ya yanke ƙonannen bakin, ya sa sabon soket, ya ɗaura at bayan ya tabbatar tana da haɗi har akwati. Gudun ya tsaya wajen 130, ya ninka abin da intanet ɗin gidan ke bayarwa fiye da sau biyu. Buɗe soket da akwati ba aikin mai gida ba ne. Wanda ya ji soket na zafi, ko yana ƙara, ko yana warin ƙuna, ya kira mai sana'ar.

Ba kowane gida ne ke ƙarewa haka ba. Akwai tsofaffin gidajen da aka yi ta ƙara ɗakuna, ana murɗa waya a kan waya ana naɗewa da salatif a cikin silin, babu at ko ɗaya. A irin waɗannan, idan na cire estenshan, na kawar da masu hayaniya, na daidaita fes, amma lambar ta kasa wuce 20 ko 30, ba na ba da shawarar sayen adafta mai tsada, don ita ma wannan wayar za ta bi. Kebul ɗin Cat6 nake ja ta cikin bututun roba a bayan gini. Yana ɗaukar 1000 Mbps har tsawon mita 100, kuma sau da yawa kuɗinsa da na aikin ba su kai na sababbin adaftoci biyu ba.