Yadda Ake Karanta Kyandir ɗin Farashi

Kyandir ɗin farashi ƙaramin zane ne da ke nuna yadda farashin wani abu ya motsa a cikin wani lokaci da aka ƙayyade. Ana ganin sa a wayoyi da kwamfutocin masu cinikin hannun jari, kuɗaɗen waje, zinariya da kuɗin kirifto. Asalinsa daga ƙasar Japan ne, wajen 'yan kasuwar shinkafa, kuma ana danganta tushensa da wani attajiri mai suna Munehisa Homma, wanda ya rayu a ƙarni na 18. Ya bazu a Amurka da Turai bayan littafin da Steve Nison ya wallafa a 1991.

Farashi huɗu a zane ɗaya

Kowane kyandir yana wakiltar lokaci guda. Idan an zaɓi `1H` a allon waya, kowane kyandir awa ɗaya ne. Idan an zaɓi `1D`, kowane kyandir yini ɗaya ne. A cikin wannan lokaci, kyandir yana riƙe da farashi huɗu: wanda aka buɗe ciniki da shi, mafi tsada da aka kai, mafi araha da aka sauka, da wanda aka rufe da shi. A allo ana rubuta su da haruffan `O`, `H`, `L` da `C`, bi da bi.

Zanen yana da sassa biyu. Akwai jiki, wato sashen nan mai kauri da ke tsakiya. Akwai kuma lagwani, wato siririn layin da ke fitowa ta sama ko ta ƙasan jikin. Jiki yana nuna tazarar da ke tsakanin farashin buɗewa da na rufewa. Tsinin lagwanin sama shi ne farashi mafi tsada, tsinin na ƙasa kuwa shi ne mafi araha.

Abin da jiki ke faɗa

Launin jiki ne ke nuna inda aka dosa. Idan an rufe sama da inda aka buɗe, jikin yakan zama kore ko fari. A nan gindin jikin shi ne buɗewa, kansa kuma rufewa. Idan an rufe ƙasa da inda aka buɗe, jikin yakan zama ja ko baƙi, sai kan ya zama buɗewa, gindin ya zama rufewa. A kasuwannin China da Japan an saba da akasin haka, inda ja ke nufin hawa, don haka ya kamata mai karatu ya fara tabbatar da tsarin launin da ke allonsa.

Akan ce koren kyandir nasarar masu saye ce, ja kuma ta masu sayarwa. Wannan magana tana buƙatar bayani, domin duk abin da aka saya wani ne ya sayar da shi, ba a saye fiye da abin da aka sayar. Bambancin yana wajen wanda ya fi matsuwa. Haka ake gani a kasuwar raguna: ana jajibirin Babbar Sallah mai saye ne ke ƙara kuɗi don kada ya rasa, bayan Sallah kuwa mai rago ne ke ragewa don kada ya koma da shi gida. Dogon jiki kore yana nuna masu saye sun yarda su biya ƙari har aka tashi. Dogon jiki ja yana nuna masu kaya sun yarda su karyar da farashi don su rabu da shi. Gajeren jiki yana nuna ba wanda ya rinjayi wani sosai. Idan buɗewa da rufewa sun zo kusan daidai har jikin ya zama kamar layi, ana kiran kyandir ɗin doji.

Abin da lagwani ke faɗa

Lagwani yana nuna inda farashi ya je amma bai zauna ba. Dogon lagwani a sama yana nufin masu saye sun tura farashi ya hau, sai masu sayarwa suka fito da kaya suka dawo da shi. Dogon lagwani a ƙasa yana nufin farashi ya faɗi, sai masu saye suka ga araha suka kwashe har ya farfaɗo. Kyandir mai dogon jiki wanda ba shi da lagwani kuwa yana nuna ɓangare ɗaya ne ya riƙe kasuwa tun daga buɗewa har rufewa.

Misali da lissafi

A ɗauka hannun jarin wani kamfani ya buɗe da safe a kan naira 100. A cikin yinin ya sauka har naira 94, ya hau har 103, aka rufe a 102. Tunda 102 ta fi 100, jikin kore ne, tsawonsa naira 2. Lagwanin ƙasa ya tashi daga 100 zuwa 94, wato naira 6. Lagwanin sama ya tashi daga 102 zuwa 103, wato naira 1.

Wanda ya dubi launi kawai zai ce ƙarin naira 2 aka samu, ba wani abin a zo a gani ba. Amma lagwanin ƙasa ya ninka jikin sau uku. Ma'anarsa, masu sayarwa sun yi ƙoƙarin karya farashin, masu saye suka mayar da duk abin da aka rage, har suka ɗora a kai. Idan irin wannan kyandir ya fito bayan kwanaki ana faɗuwa, ana kiran sa guduma, kuma alama ce cewa ƙarfin masu sayarwa ya fara raguwa.

Yanzu a juya lamarin. An buɗe a 100, an hau 108, an sauka 97, an rufe a 98. Jikin ja ne na naira 2, lagwanin sama naira 8, na ƙasa naira 1. Duk wanda ya saya a 107 ko 108 ya kwana da hasarar kimanin naira 10 a kowane hannun jari. Masu sayarwa ne suka tashi da rinjaye.

Kurakurai da iyakar abin da kyandir ke nunawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke hukunci da kyandir ɗin da bai rufe ba. Na ƙarshe a hannun dama yana ta sauyawa har lokacinsa ya cika. Dogon kore na tsakar rana yana iya komawa ja mai dogon lagwani kafin yamma.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar kore a matsayin riba a kan jiya. A zanen da aka fi amfani da shi, launi yana gwada rufewa ne da buɗewar wannan lokacin kaɗai. Idan jiya an rufe a 110, yau aka buɗe a 100 aka rufe a 102, kyandir ɗin kore ne, amma farashi ya faɗi da naira 8.

Haka kuma kyandir ba ya nuna wanda ya riga zuwa tsakanin farashi mafi tsada da mafi araha. Mai son sanin haka sai ya buɗe kyandirori na gajeren lokaci, kamar na awa ɗaya. Ba ya kuma nuna yawan cinikin da aka yi. Wannan yana cikin sandunan da akan jera a ƙasan zanen, kuma dogon lagwanin da ciniki kaɗan ya haifar ba shi da nauyin wanda ciniki mai yawa ya haifar.

Wurin da kyandir ya fito yana sauya ma'anarsa. Siffar guduma idan ta bayyana bayan dogon hawa gargaɗi ce, domin ta nuna masu sayarwa sun fara iya jan farashi ƙasa. Shi ya sa ƙwararru kan jira kyandir na gaba: idan ya rufe sama da kan gudumar da ta biyo bayan faɗuwa, alamar ta ƙara ƙarfi, idan kuma ya rufe ƙasa da tsinin lagwaninta, alamar ta rushe. Kyandir yana ba da labarin cinikin da aka riga aka yi ne, ba ya ba da tabbacin farashin gobe.