Sanarwar Ranar Ƙarshe ta Rangwame: Lokacin Fitar da Ita da Yadda Ake Tsara Kalmominta

Garin Gidan Waya da ke Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna gari ne da cinikinsa ya dogara ƙwarai a kan ɗalibai da ma'aikatan Kwalejin Ilimi ta jihar, tare da mutanen da ke shigowa daga Kafanchan da Godogodo da ƙauyukan kewaye. Ɗan kasuwar da ya yi rangwame a irin wannan wuri yakan tarar cewa masu saye da dama suna jinkiri sai ranar ƙarshe, saboda haka sanarwar tunin da zai fitar a ranar ita ce ke raba tsakanin kuɗi a hannu da kaya jibge a kanta.

A ɗauki misalin wata mai shagon takalma a garin, wadda ta saro takalma ƙafa 60 a kan Naira 6,000 kowanne. Farashinta na kullum Naira 9,000 ne, amma ta sauke shi zuwa Naira 7,500 na mako guda, kuma za ta rufe rangwamen ranar Asabar da ƙarfe 6 na yamma. Ya zuwa daren Juma'a saura ƙafa 24, ga kuma bashin Naira 150,000 da dilan da ya ba ta kaya ke jira ranar Litinin. Ke nan dole ne ta sayar da ƙafa 20 a cikin yini guda.

Lissafin lokaci daga baya ake fara shi

Kuskuren da aka fi yi shi ne fitar da sanarwa a lokacin da mai shago ya sami sarari, ba lokacin da mai saye zai iya amfana da ita ba. Hanyar da ta dace ita ce a fara lissafi daga sa'ar rufewa a dawo baya. Mutumin da ke Kafanchan yana bukatar ya ga saƙon, ya yanke shawara, ya nemi kuɗi a wajen masu na'urar cirar kuɗi, sannan ya jira mota ta cika a tasha. Idan aka ƙiyasta duk wannan zai ci sa'o'i uku, to duk sanarwar da ta fita bayan ƙarfe 3 ba ta da wani amfani a gare shi, sai dai ga na kusa.

Bisa wannan lissafi, sanarwa uku sun ishi mai takalman. Ta farko za ta fita daren Juma'a wajen ƙarfe 8, bayan mutane sun koma gida, domin mai nisa ya kwana da shiri, ɗalibi kuma ya sami damar neman kuɗi daga gida. Ta biyu za ta fita ranar Asabar da misalin ƙarfe 7 na safe, kafin jama'a su watse zuwa gona da kasuwa da wuraren biki. Ta uku kuwa wajen ƙarfe 3 na rana, don mutanen gari da ɗaliban da za su iya takowa da ƙafa ko su hau acaɓa. Abin da ya wuce haka yakan zama damuwa, har wasu su toshe lambar mai shagon.

Zaɓen ranar kanta yana da nasa sharuɗɗa a wannan yanki da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya. Safiyar Lahadi masu saye da yawa suna coci, tsakar ranar Juma'a kuma wasu suna masallaci, don haka ba a sa sanarwa mai muhimmanci a waɗannan sa'o'i. Haka nan rangwamen da ya ƙare kafin albashi ya shigo, ko kuwa bayan kwaleji ta tafi hutu, ya riga ya rasa masu sayensa tun kafin a rubuta kalma ɗaya.

Tarkon "yau" da "gobe"

Galibin ƙananan 'yan kasuwa suna amfani da WhatsApp ne, kuma sanarwar da aka ɗora a sashen Status takan zauna sa'o'i 24 kafin ta ɓace. Wannan yana haifar da ruɗani. Idan mai takalma ta rubuta "gobe ce ranar ƙarshe" a daren Juma'a, wanda bai buɗe wayarsa ba sai Asabar da rana zai ɗauka Lahadi ake nufi. Haka kuma "yau ce ranar ƙarshe" ta safiyar Asabar za ta kwana har safiyar Lahadi. Maganin shi ne a rubuta sunan rana da kwanan wata da sa'a ɓaro-ɓaro, a kuma goge tsohuwar sanarwa da zarar an ɗora sabuwa ko an rufe shago.

Akwai kuma iyaka ga jerin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda: jeri ɗaya ba ya ɗaukar fiye da lamba 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga waɗanda suka adana lambar mai aikawa. Saboda haka wanda bai roƙi masu sayensa su adana lambarsa tun farkon mako ba, kada ya sa rai da wannan hanya a ranar ƙarshe.

Abin da sanarwa za ta ƙunsa

Sanarwar kirki tana amsa tambayoyi biyar: mene ne kayan, nawa ne a da da yanzu, nawa suka rage, yaushe za a rufe, kuma a ina. Ta safiyar Asabar tana iya kasancewa kamar haka, tare da kwanan wata da kwatancen shago: "Ranar Asabar ɗin nan da ƙarfe 6 na yamma rangwamen takalma zai ƙare. Na Naira 9,000 ya koma Naira 7,500. Saura ƙafa 24, lamba 38 zuwa 43. Daga Litinin tsohon farashi zai dawo." Ta ƙarfe 3 kuwa ba maimaici ba ce, sabon labari take kawowa: "Saura sa'o'i uku. Ƙafa 9 suka rage, lamba 42 ta ƙare." Faɗin lambar da ta ƙare yana hana mutum ɓata kuɗin mota, wanda ya zo ya tarar babu tasa kuwa da wuya ya sake amsa kira.

Wajibi ne kowane adadi ya zama gaskiya. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019, ta haramta yaudarar mai saye da bayanin ƙarya game da kaya. Ban da doka ma, mai shagon da ya ce an rufe ranar Asabar sannan ya sanar da ƙarin kwana uku ranar Litinin ya koya wa jama'a cewa wa'adinsa wasa ne, kuma a rangwame na gaba babu wanda zai yi sauri.

Yadda ake gane inda matsala take

Bayan rufewa, mai shago zai kwatanta adadi uku: waɗanda suka ga sanarwar, waɗanda suka yi tambaya, da waɗanda suka saya. Idan masu gani sun yi kaɗan, lokacin fitarwa ne bai dace ba. Idan an gani da yawa amma tambayoyin duka "nawa ne?" da "ina shagon yake?" ne, to kalmomin ne suka gaza. Idan kuwa mutane suka yi ta zuwa bayan an rufe, ko dai sanarwar ta makara ko kuwa ba a bayyana sa'ar rufewa ba. Mai takalman za ta rubuta waɗannan adadi a littafin cinikinta, domin da su za ta gyara sa'o'in sanarwarta a rangwame na gaba.