Saƙon maraba mai tura kansa: a kula kada ya kori baƙo

Wata mai sayar da abaya da turare a kasuwar Nima ta tambaye ni me ya sa mutane ke bin shafinta na Instagram, da zarar saƙon marabarta ya isa gare su sai su janye. Saƙon nata yana cewa: “Sannu ƙawata! Tura kuɗi ta MoMo yanzu ki samu rangwame,” ga lambar waya da mahaɗa a ƙasa.

Ga amsar da na ba ta: Hajiya, manhajar da ke tura saƙon ba ta san wanda take yi wa magana ba. Wanda ya bi ki yana iya zama limamin unguwa daga Maamobi, ko dattijuwa sa'ar mahaifiyarki, ga shi an kira kowa “ƙawata”. Hausa tana bambanta “ka” da “ki”, don haka a saƙon da ba ki san hannun da zai faɗa ba, ki tsaya a kan “ku”. Zango kuma matattarar kowa ce, ki ƙara layi ɗaya da Turanci saboda masu jin Twi ko Ga.

Maganar kuɗin ta fi damuna. Mutanen Accra sun sha wuya a hannun 'yan damfarar MoMo, kuma saƙonsu haka yake zuwa: baƙon suna, gaggawa, lamba da mahaɗa. Mai hankali zai toshe ki ko ya kai ƙararki, in ƙorafin ya yi yawa Instagram na iya taƙaita shafin. Ki cire lambar da mahaɗar gaba ɗaya. A ɓangaren Hausa, wannan ya wadatar:

“Assalamu alaikum, mun gode da bibiyarku. Wannan saƙo ne mai tura kansa. Muna sayar da abaya da turare a Nima, in kuna da tambaya za mu amsa da kanmu kafin magariba.”

Faɗin cewa saƙon mai tura kansa ne yana hana mutum ya yi ta gaisuwa babu mai amsawa. Alkawarin magaribar kuwa sai kin cika shi. Duk manhajar da ta nemi kalmar sirrinki kafin ta tura saƙo, ki guje ta, don ta nan ake sace shafi.

A WhatsApp Business akwai wani tarko. Greeting message yana zuwa ga wanda ya fara rubuto miki, yana kuma sake zuwa ga wanda ya yi kwana 14 ba ku yi magana ba. Ke nan ƙanwar babanki za ta iya rubuto miki labarin rasuwa, ta samu amsa da tallan turare. Ki shiga Business tools, sannan Greeting message, a wajen Recipients ki zaɓi Everyone not in address book, domin waɗanda kika adana lambarsu su tsira. Daga nan ki ari wayar wani da ba ki adana lambarsa ba, ki rubuto wa kanki, ki karanta abin da baƙo zai gani.