Yadda Ake Zaman Mako-Mako a Tashi Kowane Aiki da Mai Shi da Ranarsa

Duk wanda ya taɓa aikin rigakafin shan inna a Nguru ko Gashua ya san taron bitar yamma. A kwanakin zagaye, idan ma'aikata sun dawo daga unguwanni, ana zama a ji daga kowace mazaɓa: ina aka samu gidan da ya ƙi, wace ruga ba a kai ba, wa zai koma gobe da safe. Ba a tashi sai an rubuta matsalar da sunan wanda zai bi ta da lokacin da zai kawo bayani. Irin wannan bin diddigi yana cikin abin da ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agusta na 2020. Tsarin ba ya bukatar kwamfuta ko kuɗin gwamnati. Ƙungiyar manoma, ko kwamitin makaranta, ko 'yan kasuwa masu haɗin jari, duk za su iya ɗaukarsa su mai da shi na mako-mako.

Mu ɗauki misalin ƙungiyar manoman rani mai jami'ai bakwai, biyar a Nguru, biyu a Gashua, suna shirin shuka alkama. Na zaɓi alkama domin ba ta jira. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta don ta samu sanyin hunturu, wanda ya makara kuwa zafin Maris zai tarar da ita tana cika ido, ƙwayar ta tsumbure.

Mataki na farko: a tsayar da rana da lokaci, a daina sauyawa. A guji ranar kasuwar kowane gari daga cikin biyun, a guji safiyar Juma'a. Lokacin da na fi so shi ne bayan sallar La'asar, domin Magariba ce za ta tashi zaman ko an so ko ba a so ba, kuma kowa ya san haka tun daga farko. Minti arba'in da biyar sun isa. Tsakanin Nguru da Gashua tafiyar kilomita sittin da wani abu ce ta Jajimaji, ba abin da za a ɗora wa mutum kowane mako ba ne. Mutanen Gashua su haɗu wuri ɗaya inda sabis ke da ƙarfi, a kira su a buɗe lasifikar waya, sannan sau ɗaya a wata a haɗu ido da ido. A riƙa fara jin nasu bayanin, saboda idan layi ya yanke daga baya an riga an samu abin da ake bukata.

Mataki na biyu: a raba shugabanci da rubutu. Shugaba yana ba da damar magana yana duba agogo, sakatare yana riƙe da littafi. Mutum ɗaya ba zai iya biyun ba. Littafin nan ba na rubuta duk abin da aka faɗa ba ne. A samu babban littafi mai bango mai kauri, a ja layi a raba kowane shafi gida huɗu: aiki, mai aiki, rana, sakamako. Wa ya ce kaza, wa ya musa, duk ba su da gurbi a ciki.

Mataki na uku: a buɗe zaman da shafin makon jiya. Bayan addu'a, kafin kowa ya kawo sabon batu, sakatare ya karanta layi-layi, mai aikin ya amsa da ɗaya daga cikin uku: an gama, ba a gama ba, ko ya tsaya saboda kaza. “Muna kai” ba amsa ba ce, domin ba ta nuna ko saura kwana ɗaya ko saura wata. Wanda ya ce an gama ya nuna shaida: rasidi, hoto a waya, ko wani da ya gani da idonsa. Wanda ya ce ba a gama ba ya ba da sabuwar rana nan take, a rubuta ta kusa da tsohuwar ba tare da an goge ta farko ba.

Akwai wata fa'ida a nan da ta dace da zamanmu. A ƙungiyoyinmu da yawa, wanda aikin ke hannunsa dattijo ne, sakatare kuma sa'an ɗansa. Yaro ba zai dubi Alhaji ya ce masa don me bai yi ba, kuma bai kamata a sa shi ba. Amma idan kowane mako ana karanta layin kowa, har da na shugaba, tambayar ta zama ta littafi. Sakatare zai ce, “Ranka ya daɗe, layi na uku naka ne, batun iri,” ya yi shiru. Ba a ci fuskar kowa ba, kuma an samu amsa. Bayan na mutanen Gashua, shugaba ya sa a fara karanta nasa layin; idan bai gama ba ya faɗa a fili, sauran za su samu sauƙin faɗin gaskiya.

Mataki na huɗu: sababbin batutuwa kada su wuce uku, kuma a aika wa sakatare da su tun ana gobe zama. Kowane batu minti takwas zuwa goma. Idan aka ga mutum biyu kaɗai ke jayayya sauran sun koma danna waya, shugaba ya yanke, ya ce su biyun su zauna daban, ɗayansu ya kawo matsaya ranar kaza. Wannan ma layi ne a littafi.

Mataki na biyar, wanda shi ne zuciyar aikin: a mayar da kowace magana aiki. Ga yadda yake kasancewa. Ranar Litinin 3 ga Nuwamba aka tattauna batun iri, kowa ya yarda lokaci ya matso, aka ce za a nemo iri da wuri. Idan aka tashi a haka, mako mai zuwa za a tarar kowa yana zaton wani ya yi. Shugaba ya tsayar da zancen da tambayoyi uku: mene ne takamaimai, wa zai yi, yaushe?

Ranar kuwa daga baya ake lissafo ta. Ƙungiya na son shuka ranar 20 ga Nuwamba a hekta biyar. A kan kilo ɗari kowace hekta, kilo ɗari biyar ke nan. Kafin a watsa iri a gona ana gwada shi: a ƙirga ƙwaya ɗari, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, a ƙidaya waɗanda suka tsiro bayan kwana bakwai. Idan gwajin zai ƙare ranar 17, a bar kwana uku don neman mafita in irin ya gaza, dole iri ya iso ranar 10. Don ya iso ranar 10, dole kuɗi su fita ranar 6. Magana ɗaya ta haifi layi huɗu:

- Karɓo farashin iri kilo 500 daga dillalai biyu. Mai aiki: jami'in saye na Gashua. Rana: Laraba 5, kafin Azahar.
- Tura kuɗin iri. Mai aiki: ma'aji. Rana: Alhamis 6.
- Kawo iri rumbun Nguru. Mai aiki: jami'in saye. Rana: Litinin 10, kafin zama.
- Gwajin tsiro da kawo adadi. Mai aiki: mai kula da rumbu. Rana: Litinin 17.

A littafi na gaske sunan mutum ake rubutawa, ba muƙaminsa kaɗai ba. Kuma suna ɗaya tak. Idan aka rubuta “kwamitin saye” ko “Nguru da Gashua”, ba a ba kowa ba. Aiki na iya bukatar mutum ashirin, kamar gayyar sare kacalar da ta toshe hanyar ruwa, abin da ya daɗe yana addabar manoma da masunta a dausayin Haɗeja da Nguru, musamman a mashigar Marma. Duk da haka mutum ɗaya ne zai tara jama'a, ya tanadi lauje da abinci, kuma shi za a tambaya. Layinsa ma a auna shi: daga bakin kogi zuwa inda aka girke injin ban ruwa, ranar Asabar 8.

Sharuɗɗa biyu nake ganin ba a sassauta su. Na farko, ba a ɗora wa wanda ba ya nan aiki. Idan makaniken inji bai halarta ba, layin na wanda zai same shi ne: ya yi masa magana gobe, ya kawo ranar da ya amince. Na biyu, kafin a rubuta suna a tambayi mutumin me yake bukata. Wanda aka ce ya gyara inji ba a ba shi kuɗin kayan gyara ba, an shirya masa jin kunya ne kawai. Idan kuɗin suna hannun ma'aji, ma'aji ma ya samu nasa layin da ranar da ta riga ta mai gyara. Mai aikin ne zai furta ranar da bakinsa. Zai ce in sha Allahu, haka ya dace ga Musulmi, sai dai a ji ranar tare da ita: “Alhamis, in sha Allahu.” Idan ya ce ranar ta yi kusa, a saurare shi, gara a ji yau da a gano bayan mako guda.

Mataki na shida: minti biyar na ƙarshe na maimaitawa ne. Sakatare bai kamata ya karanta a madadin kowa ba. Kowane mutum ya faɗi nasa aikin da ranarsa, na Gashua ma a ji muryarsu. A nan ake kama saɓani, kamar ma'aji yana zaton Asabar aka ce alhali Alhamis aka rubuta. Kafin Isha'i sakatare ya ɗauki hoton shafin ya tura ta WhatsApp, ya bi shi da saƙon murya na minti ɗaya saboda waɗanda ba sa karanta boko. Duk aikin da ranarsa ta faɗo tsakiyar mako, sakatare ya kira mai shi kwana ɗaya kafin ranar. In ba haka ba, jinkirin ma'aji na ranar 6 ba zai bayyana ba sai ranar 10, an yi asarar kwana huɗu.

Littafin da kansa zai nuna idan tsarin ya fara lalacewa. Layin da aka ɗage sau biyu ba ya bukatar ɗagewa ta uku. Ko aikin ya yi girma a raba shi, ko mai shi ba shi da ikon yi, ko dai babu wanda ke son aikin da gaske a soke shi a fili. Shugaba ya samu mai aikin a keɓe ya tambaya, ba a gaban jama'a ba. Idan sunan mutum ɗaya ya cika rabin shafi, ƙungiyar ta jingina a kansa, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi komai zai tsaya. Kada kowa ya ɗauki fiye da layi uku a mako. Idan kuma mako huɗu a jere kowa na cewa an gama ba wanda ya taɓa makara, a ƙara neman shaida, domin mai yiwuwa mutane sun koyi ɗaukar ƙananan ayyuka suna kauce wa masu wuya.

Wasu al'amura ba na wannan zaman ba ne. Rabon riba, rikicin iyakar gona, ko zargin wani da taɓa kuɗi, ba a warware su a minti goma da rabin mutane a waya. Idan irinsu ya taso, a rubuta layi ɗaya kawai: wa zai kira zama na musamman, a wane gari, ran nawa ga wata.