Darasi: Rodi Ba a Sayensa da Ido

Duk wanda ya taɓa ɗora linta ko zuba dakin a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya san rodi mai 10, mai 12 da mai 16. Lambar kaurinsa ce a milimita, tsawon sanda guda kuwa mita 12 ne. Abin da ke cutar mutane shi ne saye da ido: mai shago ya ce mai 12 ne, a ƙirga sanduna, a biya, a loda. Kada a sayi rodi ba a auna ba.

Lissafin gajere ne: D² ÷ 162. D shi ne kaurin. A ninka shi da kansa, ba da biyu ba, a raba da 162, sai a sami kilo nawa ke cikin mita ɗaya. Mai 12: 12 sau 12 ya ba da 144, a raba da 162, ya zama kilo 0.89. Sanda guda kilo 10.67 ke nan.

A ce wani magidanci a Bakura ya dawo daga kasuwar Talata da sanda 50, yana ta murnar ya samu da araha. Uwargida ta leƙo zaure, ta dubi tulin ƙarfen.

"Malam, an auna maka?"

"Wane awo kuma? Mutumin nan tare muke salla."

"Ni ko gero ba na karɓa sai na ga tiya ta cika. Kai da za ka ɗora siminti a kan yaranmu?"

Ɗansu ya ɗauko zarto, ya yanko mita ɗaya cif, ya ruga wurin mai sayar da ƙusa ya ɗora a sikeli. Giram 750 ya nuna, maimakon 890. Rodin mai 11 ne: 121 a raba da 162, kilo 0.75. Kowace sanda ta rasa kilo 1.7, a sanda 50 kuwa kimanin kilo 85, nauyin sanda takwas da aka biya kuɗinsu ba a kawo su gida ba. Malam ya cire hula, ya zauna a tabarma.

Sikeli ya fi ma'aunin kauri gaskiya a nan, domin rodi mai zane a jiki yana nuna kaurin da bai kai ba. Bambancin 'yan giram kaɗan ba laifi ba ne, amma giram 140 a mita ɗaya ƙwara ce.

Abin haushi, maƙwabta na gani sai su ce ai siminti zai rufe. Zai rufe, amma ƙarfen ne ke riƙe dakin idan nauyi ya hau, kuma siririn rodi shi ke kawo lanƙwashewa da tsagewa. Kada a saya da ido. A auna mita ɗaya a gaban mai shago tun kuɗi na aljihu.

Aikin gida: a lissafa nauyin sanda guda ta rodi mai 16.