Darasi: Bayyana Aiki a Shafi Ɗaya da Zanen Matakai

A taron manoma ko na ƙungiyar mata, akan ga malamin gona ya haska shafi a bango da majigi. Idan shafin ya cika da rubutu, mutane sukan tashi ba su riƙe komai ba. Wannan darasi zai koya mana yadda ake nuna aiki guda a shafi ɗaya, da 'yan akwatuna da kibau. Kowane akwati mataki ɗaya ne, kibiya kuma tana nuna wanda ke biye.

Aikin da za mu zana

A Rurum da sauran garuruwan Rano da Kibiya, ana girbe wake da kaka, kuma ƙwari sukan huda shi kafin ya yi daraja a kasuwa. Akwai buhun PICS mai ninki uku, wato leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure shi sosai, iska ba ta shiga, sai ƙwarin su mutu ba tare da an sa magani ba. A ce sakataren ƙungiya a Rurum Tsohon Gari zai koya wa jama'a wannan.

Fitar da matakai

Da farko ya tambayi wanda ya saba da aikin, ya rubuta duk abin da ake yi bi da bi. Zai iya samun abubuwa goma ko fiye. Sai ya haɗe waɗanda ake yi a zama ɗaya, har su koma 5:

1. Shanya wake ya bushe ƙayau
2. Sheƙe, tsince datti
3. Duba leda, kada a sami huda
4. Zuba wake, matse iska
5. Ɗaure kowane ninki daban

Lura cewa kowane mataki ya fara da abin da hannu zai yi: shanya, sheƙe, duba, zuba, ɗaure. Da an rubuta "leda" kawai, mai kallo ba zai san me ake so ya yi da ita ba. Sauran bayani, kamar ɗora buhu a kan katako don gudun danshi da ɓera, da baki za a faɗe shi.

Jera akwatuna

A saman shafi a rubuta kan magana: "Yadda ake adana wake ba magani". A ƙasa a jera akwatuna 5 masu girma ɗaya a layi guda, kibau duka suna fuskantar gefe ɗaya. A sa lamba a kowane akwati. Wannan wajibi ne a wajenmu, domin wanda ya saba da karatun allo daga dama idonsa yake farawa, mai boko kuwa daga hagu. Lamba ce za ta haɗa su a hanya ɗaya. A ƙara ɗan hoto, kamar rana a akwati na 1 da igiya a na 5, saboda waɗanda ba su gama koyon karatu ba.

Mai amfani da PowerPoint ya danna Insert, sannan SmartArt, sannan Process, ya zaɓi Basic Process. Kada girman rubutu ya gaza 24. Inda babu wuta ko majigi, kwali da alƙalami mai kauri sun wadatar.

Wurin tambaya

Wani lokaci aiki yana da mararraba. Bayan shanya, akan gatsa ƙwayar wake. Idan ta fashe da ƙara, ta bushe. A nan za a iya sa tambaya: "Ya bushe?" Kibiyar "I" ta wuce gaba, ta "A'a" ta koma wajen shanya. Wannan tambaya ta cancanci wuri, domin waken da aka rufe da danshi yakan yi funfuna. Amma tambaya ɗaya ta isa. Idan kibau suka fara ƙetare juna, ko akwatuna suka wuce 7, aikin ya fi ƙarfin shafi ɗaya, sai a raba shi biyu.

Yadda za a gane ya yi

A kira wanda ba a zana da shi ba, ya tsaya a sahun baya, ya faɗi aikin daga farko zuwa ƙarshe. Idan ya tambaya daga ina zai fara, lamba ko kibiya ba ta fito ba. Idan ya zuba wake kafin ya duba leda, jerin bai bayyana ba. A gyara wurin da ya yi tuntuɓe, a sake gwada wani.

Aikin gida

1. Me ya sa ake sa lamba a akwatuna?
2. Me za a yi idan matakai sun wuce 7?
3. Zaɓi aikin da ka iya, kamar turara shinkafa ko matsar man gyaɗa. Zana shi a akwatuna 5, ka kawo aji a gwada.